Maki Uku Cikin Goma

Ina cikin shekarata ta huɗu da fara koyarwa aka tura ni wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku. A lokacin ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, a wata makaranta da ke wajen Ajilari, ina zaune kuma a Mairi, don haka kullum sai na canza keke-napep sau biyu kafin in isa. A wurin taron aka yi ta jaddada mana cewa yaro ya fi koyo idan hannunsa na cikin aiki, yana muhawara da 'yan'uwansa. Aka nuna mana yadda ake raba aji rukuni-rukuni, a ba kowane yaro aikinsa. Ranar ƙarshe aka taɓa batun ba da maki, amma lokaci ya ƙure, mai jawabin ya yi ta sauri, ni kuma hankalina ya riga ya koma gida. Na dawo da zumuɗi, ina ganin na samo abin da sauran malamai ba su sani ba.

Ajina yara saba'in da biyu ne, maza da mata. Zangon ƙarshe na shekara muke ciki, darasinmu kuma tsaftace ruwa. Na yanke shawarar kowane rukuni zai haɗa matacin ruwa da gorar roba, da gawayi, da yashi, da tsakuwa, da ɗan ƙyalle.

Da farko na ce su zaɓi junansu. Cikin minti biyar ajin ya zama kasuwa. Masu ƙoƙari suka dunƙule wuri guda, 'yan unguwa ɗaya suka kama hannun juna, masu jin Shuwa suka ja benci suka koma gefe. Da hayaniyar ta lafa sai ga yara tara tsaye jikin bango, babu wanda ya kira su. Ganin haka na rushe tsarin. Na ɗauko sakamakon zangon da ya wuce, na ware sha biyun farko na sa kowanne ya ja rukuni, sannan na rarraba na tsakiya da na baya a kansu, mutum shida-shida. Har yau ina ganin wannan matakin daidai ne.

Wajen rabon aiki ne na fara karkacewa. Na rubuta ayyuka shida a allo: shugaba, marubuci, mai gabatarwa, mai zane, mai kula da lokaci, da mai kula da kaya. Ban bar su sun raba da kansu ba, ban kuma tambayi kowa abin da ya iya ba. Da Turanci na auna. Wanda bakinsa ya fi sakewa na ba shi shugabanci ko gabatarwa, wanda ya fi kowa shiru na ba shi kaya: ya tattaro, ya adana, ya share wuri idan an tashi.

A rukuni na bakwai, kayan suka faɗa hannun wata yarinya da take cikin taran nan na jikin bango. Doguwa ce siririya, ta girmi 'yan ajin da kamar shekara biyu. Iyayenta sun baro garinsu lokacin da zama ya gagara, suka sauka wurin wani kawunta a nan cikin gari, karatunta kuma ya yi ta yankewa kafin a kawo ta wurinmu. Kanuri take ji sosai. Hausarta ta cefane ce, Turanci kuwa sai ta haɗa gumi kafin ta fitar da jimla guda. Ni a Abbaganaram aka haife ni, Kanuri a bakina take tun ina rarrafe, amma dokar makaranta ta ce Turanci kawai a aji, ni kuma na riƙe dokar kamar aya. Tun da aka kawo ta ban taɓa yi mata magana da harshenta ba.

Shugabar rukunin kuma wata 'yar dillalin shanu ce, yarinya mai kaifin kai da zaƙin baki, ita ta zo ta biyu a zangon baya. Ina son ta, ba zan ɓoye ba. Idan na yi tambaya aji ya yi tsit, hannunta ne ke fitar da ni kunya. Mai gabatarwar da na ba su ya kwanta zazzaɓi a makon farko, sai na ce ta haɗa duka biyun, ban ko yi tunanin ba wani ba.

Na sanar da su cewa aikin maki ashirin ne daga cikin makin gwajin zango: goma na rukuni, kowa zai samu iri ɗaya, goma kuma na ƙoƙarin kowane mutum. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ta yaya za ki san ƙoƙarin kowa?"

Na ce, "Ina da ido."

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Mako biyu suka yi suna aikin, darasi huɗu, a ƙarƙashin bishiyoyin dogonyaro da ke bayan ajin. Rukuni goma sha biyu, minti arba'in. Idan na zagaya, kowane rukuni bai samun fiye da minti uku, rabinsu kuma a raba gardama suke tafiya. Ba ni da wata takarda da nake rubuta wanda na gani yana me. Duk inda na tsaya, shugaba nake tambaya, "Ina kuka kai?" Shugaba ya ba ni amsa, in wuce.

A darasi na biyu kusan kowa ya sha kashi. Ruwan kwatar da suka zuba a gora sai ya fito baƙi ƙirin, ya fi yadda ya shiga muni. Na ce su je su yi tunani, don an gaya mana a taro kada malami ya yi saurin ba da amsa. A darasi na uku na hango yarinyar nan ta rukuni na bakwai can wajen famfo ita kaɗai, a tsugune gaban wani tsohon bokiti, hannayenta sun yi baƙi har gwiwar hannu, gefen hijabinta duk ya ɓaci. Na ƙwala mata kira da Turanci, na ce 'yan'uwanta na can suna aiki ita tana nan tana wasa da ruwa. Ta miƙe. Ta ɗauki bokitin ta koma.

Ranar gabatarwa matacin rukuni na bakwai ya fi na kowa. Ruwa ya riƙa ɗiga a kofi garau, har yara suka yi tafi. Shugabar ta tsaya ta yi bayani tiryan-tiryan: ƙyalle a bakin gora, gawayi a kansa, sai yashi mai laushi, sai mai gautsi, tsakuwa a sama. Ta ƙara da cewa ko ruwan ya yi haske sai an tafasa kafin a sha. Na ba rukunin tara cikin goma.

Saura makin mutum ɗaya-ɗaya. Na kira shugabannin rukunai ofis, na ba kowa takarda ya jera mini mutanensa daga wanda ya fi aiki zuwa wanda ya fi lalaci. Na haɗa da abin da na tuna na wanda ya yi magana ranar gabatarwa. Shugabar rukuni na bakwai ta sa kanta a farko, marubuciyarsu da take ƙawarta ta biyu, yarinyar kaya a ƙarshe. Na tuna da ita a bakin famfo, na ce lallai. Na rubuta mata uku. Shugabar na ba ta goma cif.

Da na karanta makin a aji, aka tashi tara, sai na ga yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana jira kowa ya fita. Ta matso kusa da teburina ta rusuna.

"Malama," ta ce da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi, "ni na wanke."

Na ce, "Kin wanke me?"

"Gawayi. Da yashi. Ni na wanke."

Ina haɗa littattafai a lokacin, ina da wani ajin da zan shiga da an dawo tara. Na ce mata, "Ai aikinki ke nan, ke ce mai kaya. Wanke-wanke ba shi ne kimiyya ba. Ki dage ki riƙa buɗe baki kamar 'yan'uwanki."

Ta ce, "To, Malama." Ta fita.

Aka yi jarrabawa. Ita dama rubutun Turanci ne ke kayar da ita, makin gwaji ne ke ɗan ɗaga ta. Da aka haɗa, maki huɗu ya hana ta cin kimiyya, aka rubuta mata da jan biro. A makarantarmu, idan za a shiga aji uku, da jimillar sakamako ake raba yara: na sama a aji na farko, na ƙasa a na ƙarshe. Ta faɗa na ƙarshe, wanda ba ni nake koyar da shi ba. Ban ji komai ba. Na tafi hutu da raina fes, har ina ba 'yan'uwana malamai labarin yadda aikin rukuni ya karɓe ni.

Bayan an dawo hutu aka shirya ranar iyaye, mataimakin shugaban makaranta ya ce kowane fanni ya fito da abin nunawa. Nan take na ce matacin ruwa. Na kira shugabar rukunin nan da ƙawarta marubuciya, na ba su sabuwar gora da kaya, na ce su sake haɗa irin na wancan karon, jibi iyaye za su gani.

Suka haɗa a gabana, jeri bai kuskure ba. Suka kwara ruwa. Ya fito baƙi. Suka zazzage suka sake, ya fito toka-toka, yashi na bin sa. Na uku ma haka. Shugabar ta fara gumi, tana ta maimaita jerin da baki kamar mai tilawa.

Na ce, "Ke, ba ke kika haɗa na farkon ba?"

Ƙawar ta dube ta, ta dubi ƙasa.

"Da ku nake."

Sai shugabar ta fashe da kuka. Ta ce, "Wallahi Malama ba ni na haɗa ba. Namu ma baƙi ya yi ta fitowa. Mai kula da kayanmu ce ta kwashe su ta kai famfo."

Na zaunar da su na ce su faɗa mini komai. Ashe yarinyar ce ta ce musu ƙurar gawayin ce ke ɓata ruwan. Ta daddaka shi daidai, ta wanke shi har ruwan ya daina baƙi. Ta tankaɗe yashin da wani tsohon gyale ta raba mai laushi da mai gautsi, ta wanke kowanne sau da yawa. Ita ta ninka ƙyallen bakin gorar, ita ta hana su kwara ruwa gaba ɗaya, ta ce a zuba kaɗan-kaɗan kada ya tona yashin, a kuma zubar da kofunan farko. Har maganar tafasawa daga bakinta ta fito. Ta ce a inda suka zauna bayan sun baro gida, haka mahaifiyarta ke yi da ruwan tafki a cikin tulu mai huda. Da Kanuri ta yi musu bayani, marubuciyar ta mayar Turanci, shugabar ta haddace.

Na ce, "To me ya sa kika sa ta a ƙarshe?"

Ta share hawaye ta ce, "Malama, ke kika ce aikinta kaya ne. Na ɗauka wanda ya yi magana shi ne ya yi aiki. Kuma na ji tsoro in na faɗa za ki rage mini."

Na so in yi mata faɗa, amma na rasa ta inda zan fara. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, na miƙa mata alƙalami na ce ta yanke wa kanta da abokanta hukunci, ita kaɗai, ba mai duba ta. Abin da ta gani ina yabawa shi ta bi.

Washegari na sami mataimakin shugaba a ofishinsa da littafin maki a hannuna. Dattijo ne mai haƙuri, ya kusa ritaya. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malama, nawa ya kamata ki ba ta?"

"Tara, ranka ya daɗe. Ko goma."

Ya ɗauki biro ya yi lissafi a gefen takarda. Ya ce da hakan da ta ci kimiyya, da kuma jimillarta ta kai ta aji na tsakiya. Sannan ya ajiye biron. Ya ce sakamako ya riga ya fita, an sa hannu, iyaye sun karɓa, an shigar da shi babban littafi. Zai iya gyara makin a fayil ɗinta idan na rubuto dalili, amma sauya mata aji sai an fitar da wani, tunda benci a cike yake, wancan ɗin kuma da iyayensa.

"Ki rubuto," ya ce. "Amma ina da tambaya. Sauran rukunai goma sha ɗayan fa? A nan asiri ya tonu don kin sa a sake aikin. Can kin san wa ya yi me?"

Ban sani ba. Na koma na buɗe littafin na bi masu kula da kaya ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya wuce biyar a cikinsu. Masu gabatarwa kuwa babu wanda ya gaza takwas. Ban san nawa ne a ciki suka cancanci abin da suka samu ba, babu kuma hanyar da zan bi in sani, don ban rubuta komai ba lokacin da abin ke faruwa a gabana.

Na aika aka kira mini yarinyar lokacin tara. Ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa. A karo na farko na gaishe ta da Kanuri. Ta ɗago kai da sauri ta dube ni, ta amsa gaisuwar, sai kuma ta sunkuyar. Ina jin a lokacin ne ta gane cewa duk tsawon shekarar nan ina jin harshenta.

Na tsara abin da zan faɗa tun a hanya, amma da ta tsaya a gabana sai girman kai na malanta ya riƙe mini harshe. Abin da ya fito shi ne, "An yi kuskure a makinki, an gyara." An yi. Kamar wani ne can ya yi.

Ta ce, "To, Malama."

"Gobe iyaye za su zo. Ina so ke ki haɗa matacin, ki yi bayani da Kanuri ko Hausa, duk wanda kika ga dama."

Ta ce, "Zan haɗa. Amma shugabarmu ta yi maganar, ta fi iyawa."

Na lallashe ta, ta ƙi. Haka aka yi. Da sassafe ta zo ta wanke kayan ta jera su, ta zuba ruwa har ya fara fita garau, ta wanke hannunta ta koma ajinsu. Shugabar ta yi bayani, kuma don Allah ta faɗi gaskiya, ta gaya wa iyaye sunan wadda ta haɗa. Aka waiwaya ana nemanta, ba ta wurin.

Malamin da ke koyar da su kimiyya a sabon ajin ya ce mini ba ta da matsala, ba ta dai sa hannu a komai. Idan aka raba rukuni takan zauna a ƙarshen benci, abin da aka ce ta ɗauko ta ɗauko. Na ce masa ya gwada ta da aikin hannu, ya yi mata tambaya da Hausa. Ya ce zai gwada, amma yaransa sun fi tamanin.

Daga wannan zangon na sauya yadda nake yi. Har yanzu ni nake haɗa rukuni, amma ba na barinsa ya wuce mutum biyar, kuma aiki zagayawa yake: wanda ya riƙe kaya yau, gobe shi ne shugaba. Ina yawo da takarda mai sunayen yara, kowane darasi in tsaya a rukuni uku ko huɗu kawai, in yi shiru in kalla, in rubuta abin da na gani, ba abin da aka gaya mini ba. Idan an gama, kowane yaro zai rubuta a ɓoye abu ɗaya da shi ya yi da abu ɗaya da kowane abokinsa ya yi, wanda rubutu ya gagara ya faɗa mini da baki, da harshen da ya iya. Ranar gabatarwa ni nake nuna wanda zai amsa tambaya, tambayar kuma takan zama "me ya sa", ko "da ya ƙi yi, me kuka canza". Inda maganar yara ta saɓa da abin da na rubuta, sai in kira su in ji. Yana cin lokaci, kuma duk da haka ina kuskure. Mataimakin shugaba ya yarda mini da maganar harshe, ya ce in dai ba a jarrabawa ba ne.

Yarinyar kam ba ta ci moriyar ko ɗaya daga ciki ba. Kafin ƙarshen zango na biyu aka fara mayar da mutanen garinsu gida, iyayenta suka bi. Ban san ranar da za ta tafi ba. Wata Litinin na tambayi malaminsu, ya ce ai tun Alhamis kawunta ya zo ya karɓi takardar canjin makaranta. Na je ofis na duba kwafin da aka ajiye. Makin da aka gyara yana ciki, sittin ba ta kai ba amma ta haye. Na tambayi magatakarda ko ita ta ga takardar, ya ce kawun ne ya ninke ta ya sa a aljihu.

Shugabar rukunin ta gama makarantar da sakamako mai kyau. Shekarun baya mun haɗu da ita a wajen wani biki a Mairi, ta zama budurwa, tana karatun aikin jinya. Bayan mun gaisa ita ta fara ɗauko zancen. Ta ce ta taɓa tambayar wasu 'yan garin su yarinyar, aka ce suna jin tana nan lafiya, amma ba wanda ya san ko ta ci gaba da makaranta. Ta ce, "Malama, in na samu lambar wani nasu zan kawo miki." Na ce ta taimaka ta kawo. Muka yi sallama, aka kira ta ɗaukar hoto.